KUƊƊI BA SU HAIHUWA CIKIN AKWATI

Ga jawabin da wani ma'aikacin asusun ajiya ya yi gaban ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata. Mun buga shi don a karanta cikin kowace makarantar manya, a kuma yi lissahin da ke ciki bisa allo.

   

Yau zancen kuɗɗi ya kawo ni. Akwai wata irin damfara wadda ba ta zuwa da dare, ba ta fasa ɗaki. Da rana tsaka take zuwa, da sallama da fara'a. Wani lokaci ɗan uwanka ne ke kawo maka ita, shi ma bai san damfara ce ba. Ana ce maka: « Kawo jikka 10 ka aje wurinmu. Kowane ƙarshen wata za mu ba ka jikka 3, kuma jikka 10 ɗinka suna nan. » Ba noma, ba kiwo, ba zuwa kasuwa. Kai dai ka zamna gida ka jira wata ya mutu.

Abu ɗaya nike so ku riƙe daga jawabin nan. Duk wanda ya yi muku irin wanga alkawali, ku tambaye shi: daga ina ribar ke hitowa? In kun gane amsar wagga tambaya, ba wanda zai ci kuɗɗinku ta wagga hanya.

ABIN DA YA FARU A NIJERIYA

Bari in ba ku labarin abin da ya faru ga maƙwabtanmu. Cikin ƙarshen shekarar 2015, wani abu mai suna MMM ya shigo Nijeriya. Mai shi wani mutumin ƙasar Rasha ne, sunanshi Sergei Mavrodi. Ba a ga kanti ba, ba a ga gona ba, ba a ga masana'anta ba. Ta salula da intanet ake shiga.

Ga yadda abin ke tahiya. Mutum ya rubuta sunanshi, ya ce shina so ya ba da taimako. Sai a aiko mishi da sunan wani wanda bai taɓa gani ba, a ce ya tura ma wannan mutum kuɗɗi ta banki. In ya tura, sai a rubuta mishi wasu lambobi cikin salula, waɗanda sunka laƙaba ma suna « mavro ». Sun ce lambobin nan suna ƙaruwa da 30 bisa 100 kowane wata. Bayan wata guda, shi ma sai ya nemi taimako, a sa wasu sabbin shiga su turo mishi. Wanda ya kawo wani kuma, ana ba shi ladan 10 bisa 100 na abin da sabon ya zuba.

Da farko ana biya. Wanda ya zuba naira dubu 100 shina karɓar dubu 130. Sai ya gwada ma abokanshi, su ma su shiga. Ma'aikata sun zuba albashinsu, ɗalibai sun zuba kuɗɗin makaranta, wasu sun ci bashi sun zuba. Babban bankin Nijeriya ya gargaɗi mutane cikin shekarar 2016, amma da yawa ba su ji ba, don suna ganin maƙwabtansu na karɓar kuɗɗi da idonsu.

Ranar 13 ga watan Disamba 2016, sai mutane sunka wayi gari an ruhe ƙofar biya. Masu abin sun ce a yi haƙuri wata guda, wai aiki ya yi musu yawa, wai ƴan jarida ne ke tsorata jama'a. Cikin watan Janairu 2017 sun ce sun buɗe, amma mafi yawan waɗanda sunka zuba kuɗɗi ba su sake ganin su ba. Hukumar NDIC, wadda ke kula da ajiyar mutane cikin bankunan Nijeriya, ta ce mutum wajen miliyan 3 sunka yi asarar naira miliyan dubu 18.

Abin mamaki, wannan ba shi ne karon farko ba. Tun shekarar 1994 Mavrodi ya yi ma mutanen ƙasarshi haka, da wannan suna na MMM. Miliyoyin mutane sunka yi asara. A shekarar 2007 kotun Rasha ta yanke mishi hukuncin kaso na shekara 4 da rabi. Da ya hito ya sake kafa abin, ya kai shi wasu ƙasashe. Ya mutu cikin watan Maris 2018.

Kada ku ce wannan abin mutanen naira ne kaɗai. A ƙasar Benin, inda ake kashe sefa irin tamu, wani kamfani mai suna ICC Services ya ruguje a shekarar 2010 da ajiyar dubban mutane, bayan ya yi musu alkawalin riba mai yawa. A Nijeriya kuma, cikin watan Afrilu 2025, wani mai suna CBEX ya ɓace, shi da ya ce zai ninka kuɗɗi cikin kwana 30. Suna ne ke sakewa, amma dabarar ɗaya ce.

MU BUƊE AKWATIN MU GANI

Yanzu ku ɗauko allunanku. Za mu yi lissahin tare, da jikka irin tamu, don ku ga cikin abin.

Mu ce wani baƙo ya sabka garinmu da akwati. Ya ce duk wanda ya aje jikka 10 zai samu jikka 3 kowane wata. Ku tuna, baƙon nan ba ya saye, ba ya saidawa. Akwati ne kaɗai gare shi.

Wata na farko, mutum 10 sunka amince. Kowa ya kawo jikka 10. Cikin akwati akwai jikka 100. Wata ya mutu, ya ba kowa jikka 3, wato jikka 30 ke nan. Daga ina ya ɗauko su? Daga cikin akwatin. Kuɗɗinsu ne ya ɗiba ya miƙa musu, sunka yi godiya. Saura jikka 70 cikin akwati, alhali ana bin shi jikka 100.

Wata na biyu, labari ya bazu. Ana cewa: « Wane ya karɓa, na gani da idona. » Sai mutum 20 sunka ƙaru, sunka kawo jikka 200. Akwati ya koma jikka 270. Yanzu mutum 30 zai biya, jikka 3 kowa, jikka 90 ke nan. Saura jikka 180, ana bin shi jikka 300.

Wata na ukku, har ƙauyukan kewaye sun ji. Wani ya saida akuya, wata ta saida kwanoninta na ɗaki, wani ya buɗe rumbu ya kai hatsi kasuwa. Mutum 40 sunka ƙaru da jikka 400. Akwati ya kai jikka 580. Ya biya mutum 70, jikka 210. Saura jikka 370, ana bin shi jikka 700.

Kun lura? Kowane wata akwati na ƙara nauyi, amma ramin bashi ya hi shi saurin zurhi. Wata na farko jikka 30 sunka ɓace daga kuɗɗin mutane. Na biyu 120. Na ukku 330.

Wata na huɗu, duk mai abin zubawa ya riga ya zuba. Ba sabon shiga. Baƙo ya san in ya biya jikka 210, saura 160 gare shi, kuma wata na biyar ba za su kai ba. To mi zai tsaya jira? Sai a wayi gari ɗakinshi da kwaɗo, salularshi a kashe. Ya tahi da jikka 370.

Yanzu mu duba abin da kowa ya samu. Mutum 10 na farko sun ba da jikka 10, sun karɓi 9. Mutum 20 na biyu sun karɓi 6. Mutum 40 na ƙarshe sun karɓi 3 kacal. Ko waɗanda sunka hi kowa murna ba su maida uwar kuɗɗinsu ba. Kuma su ne mutanen gari za su riƙa kallo, don su sunka kira sauran.

Saboda haka kada wani ya ce muku: « Ai gaskiya ne, tunda an biya ni. » Biyan farko tsaba ce da ake watsa ma kaji. Da babu shi, mutum 60 ɗin nan na baya ba za su zo ba.

RIBAR DA BABU IRINTA

Wani zai ce: « To, in baƙon shina wata sana'a da kuɗɗin fa? » Mu gwada alkawalin nashi da sana'o'in da munka sani.

Ku ɗauki kiwon rago. Mu ce ka sai rago jikka 40. Ka ɗaure shi wata 4, ka sai dussa da harawa da magani na jikka 12. Layya ta zo, ka saida shi jikka 62. Ribarka jikka 10 cikin wata 4, bayan ka sha wahalar ban ruwa da yankan ciyawa. Kuma wannan in an yi sa'a ne. Wata shekara raguna su yi yawa a kasuwa, kuɗɗinsu ya faɗi. Wani lokaci ragon ya kamu da ciwo ya mutu. Mai albasa ma haka, mai saye da ajiyar wake ma haka. Ba ɗan kasuwar da zai rantse maka cewa ribarshi ta watan gobe za ta zo daidai da ta wanga wata. Kowace sana'a ta gaskiya tana da ranar samu da ranar rashi.

Banki kuwa, wanda gwamnati ta san da shi, in ka buɗe littahin ajiya, abin da ake ƙara maka bai wuce kamar 3 ko 4 bisa 100 ba, kuma a shekara guda, ba a wata ba. Wato jikka 100 ɗinka ba su kawo ko jikka 4 cikakku sai an zagayo shekara. Shi baƙo ya ce 30 bisa 100 a wata.

Mu bi alkawalinshi har ƙarshe mu gani. In ka bar jikka 10 wurinshi ba ka taɓa ribar ba, tana hawa bisa uwar kuɗɗi, bayan wata guda sun zama 13. Bayan wata 6 sun wuce 48. Bayan shekara guda sun kai wajen 233. Bayan shekara 2 sun wuce miliyan 5 na sefa. Bayan shekara 3 sun wuce miliyan 120. Daga kuɗɗin ɗan akuya guda!

Ku tambayi kanku. Mutumin da ya san hanyar maida jikka 10 su zama miliyan 120, mi zai kawo shi ƙauyenmu cikin rana da ƙura shina roƙon kuɗɗin akuyarku? Da ya zamna gida ya juya nashi.

KAWO MUTUM BIYAR

Akwai wata irin kuma. Ita ce ake ce maka: « Biya kuɗɗin shiga, sa'an nan ka kawo mutum 5. Kowanensu ya kawo 5. Kai kana sama, kuɗɗi na hawowa wurinka. » Wani lokaci suna haɗawa da ɗan kaya, kamar sabulu ko maganin ƙarhin jiki ko sarƙa, don abin ya yi kama da ciniki. Amma in ka duba, kayan ba su kai kuɗɗin da ka biya ba, kuma ba wanda ke sayen su sai mai son shiga.

Wagga iri ta yi kama da tarin buhunnan gyaɗa da dattawanmu sunka sani: buhu ɗaya a ƙoli, sauran duka suna ƙasa suna ɗauke da shi. Mu lissafa. Mutum 1 ya kawo 5. Su 5 sun kawo 25. Su 25 sun kawo 125. In mun tara su duka, mutum 156 ke nan. Daga cikinsu 125 suna ƙasa, sun biya, ba su karɓi komi ba. Wato cikin kowane mutum 5, mutum 4 masu asara ne.

Don su 125 su samu nasu, sai an kawo 625. Su kuma sai an kawo 3.125. Haka abin ke ninkuwa. In an yi hawa 11 ƙarƙashin na ƙoli, ana bukatar mutum sama da miliyan 48. Duk mutanen Nijar, har da jarirai, ba su kai haka ba. Saboda haka dole abin ya tsaya, kuma duk ranar da ya tsaya, mafi yawa suna ƙasa. Lokacin da labarin ya iso ƙauye, waɗanda ke sama sun daɗe da cika wurin. Gurbin ƙasa ne kaɗai ya rage muku.

BA ADASHI BA NE

Iyayenmu mata, ku saurara da kyau, don masu wanga abu suna son su ce: « Ai kamar adashi ne, taimakon juna ne. » MMM ma haka ta kira kanta, ƙungiyar taimakon juna.

Ku duba adashinku. Ku 10 ne, kun san juna, kun san gidan uwar adashi. Kowace na zuba jikka 1 ranar kasuwa. Kowane mako mace ɗaya ta kwashi jikka 10. Bayan mako 10 kowa ta zuba 10, ta kwashi 10. Ba wadda ta samu hiye da abin da ta zuba, kuma ba a bukatar mace ta 11 don a biya ta 10. Zagaye ya cika, an gama, ba a bin kowa.

Asusun mata da ke ba da bashi ma haka. In kuɗɗin sun ƙaru, kun san dalili: wance ta ɗauka ta yi ƙuli-ƙuli, ta maido da ɗan ƙari wanda kunka shirya tare. Ana buɗe akwati gaban kowa, ana ƙirgawa gaban kowa.

Ga bambancin a taƙaice. Adashi na iya tahiya da mutanen da ke cikinshi har ƙarshe. Damfara ba ta iya kwana sai da sabon shiga.

ALAMUN DA ZA KU GANE SU

Ta farko: riba mai yawa, tsayayya, kowane wata, kuma an ce babu asara ko kaɗan.

Ta biyu: in ka tambayi sana'ar da ake yi, ba a gwada maka. Sai a ce zinariya ce a wata ƙasa, ko cinikin kuɗɗin intanet, ko a ce ba za ka gane ba. Abin da ba a iya bayyana maka da Hausa, kada ka sa kuɗɗinka ciki.

Ta ukku: ana ba ka lada in ka kawo wani. Mai sana'ar gaskiya masu saye shike nema. Wanda ke neman masu zubawa kullum, da kuɗɗinsu shike biya.

Ta huɗu: gaggawa. « Yau ne ƙarshe, gobe an ruhe. » Ba su son ka kwana da zancen, ba su son ka shawarci kowa.

Ta biyar: in ka nemi uwar kuɗɗinka, sai a lallashe ka ka bar su su ƙaru. Lambobin da ke hawa cikin salula ba kuɗɗi ba ne. Mutanen MMM sun ga « mavro » nasu na ƙaruwa har ranar da anka ruhe.

Akwai kuma alamun da ke nuna cewa akwati ya kusa ƙarewa. Biya ya fara jinkiri. Ana cewa na'ura ta lalace, ko banki ya riƙe kuɗɗi. Ana ƙara ribar don a jawo sabbi. Ko a ce sai ka biya wani abu kamin a sako maka naka. In kun ji haka, kada ku ƙara ko dala. Wanda ya faɗa rijiya ba ya ƙara gina ta.

ABIN DA ZA KU YI

A ƙasarmu ba kowa ke da ikon karɓar ajiyar jama'a ba. Banki ko asusun ajiya da bashi, sai shina da izini daga ma'aikatar ministan kuɗɗi, kuma babban bankinmu BCEAO na sa mishi ido. Takardar buɗe kanti ko ta biyan lanho ba ita ce wannan izini ba. Biro mai kyau da mota da hatimi bisa takarda, duk ana samun su da kuɗɗin mutane. Saboda haka ku ce a gwada muku takardar izini, ku rubuta sunan kamfanin da lambar takardar. Yanzu kun iya rubutu. Ku kai ma magajin gari ko wani banki da kunka sani, ku tambaya kamin ku ba da komi.

Wanda ya riga ya shiga, kada kumya ta sa ya yi shiru. Ya daina zubawa. Ya nemi uwar kuɗɗinshi tun yau. Ya adana duk takardar da anka ba shi da saƙonnin salula. Ya faɗa ma maigari, su tahi wurin jandarma. Ba kullum kuɗɗin ke dawowa ba, gaskiya ke nan, amma ƙarar da ya kai da wuri tana iya tsare garin da ke gaba. Abu mafi muhimmanci, kada ya jawo wani don ya hid da nashi. Wanda ya yi haka ya ɗora asararshi bisa kan ɗan uwanshi, kuma gobe gari ɗaya za su kwana.

In wanda ya kawo muku zancen ɗanku ne da ya dawo daga birni, ko surukinku, ko wani mai daraja, kada ku yi faɗa da shi. Wataƙila shi ma shina cikin mutum 10 na farko, ya karɓi jikka 3 ya ɗauka riba ce. Ku zamna da shi, ku ɗauko allo, ku yi mishi lissahin akwati. Sa'an nan ku yi mishi tambayar nan guda: daga ina ribar ke hitowa?

Kaka na zuwa, kuɗɗin wake da gyaɗa da albasa za su shigo hannu. Lokacin ne irin waɗannan baƙi ke yawo. Malam zai sake rubuta lissahin akwati bisa allo, kowa ya kwafa cikin littahinshi. Ku kai gida, ku karanta ma waɗanda ba su samu zuwa ba.

 Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana guminmu. A sabka gida lahiya.